Kwana 11 ko kwana 5: yadda matsakaici yake amsa tambayar da ba ita aka yi ba

Akwai wani kuskure da na taɓa yi a wurin aiki wanda har yanzu nake tunawa da shi duk lokacin da na ga an haɗa lambobi an raba. An ba ni aikin rubuta 'yar takardar da za a riƙa miƙa wa marasa lafiya kafin a yi musu wata tiyata, kuma ɗaya daga cikin tambayoyin da ake so takardar ta amsa ita ce wadda kowa yake yi: kwana nawa zan yi a kwance? Na buɗe rajistar waɗanda aka sallama, na tara kwanakinsu, na raba da yawansu, na rubuta amsar. Na duba lissafin sau biyu, babu inda ya kauce. Wata babbar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe a ɗakin ta karanta, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ni fa ban san mai yin waɗannan kwanakin ba. Mutanenmu ko dai su tafi cikin mako, ko kuma su daɗe sosai." Ita ba ta yi lissafi ba, amma ta fi ni gaskiya.

Don a iya bin abin da hannu, bari mu rage rajistar zuwa mutum goma sha ɗaya. Lambobin na misali ne, amma siffarsu irin wadda ake gani ce a kowane ɗakin kwantar da marasa lafiya. Ga kwanakin da kowannensu ya yi, a jere daga ƙarami zuwa babba:

2, 3, 3, 4, 4, 5, 5, 6, 7, 21, 61

Idan ka tara su za ka sami 121. Ka raba da 11, amsa ita ce 11. Wannan shi ne matsakaici, wanda aka koya mana tun firamare: a haɗa duka, a raba daidai. Akwai kuma wata hanyar ta neman tsakiya wadda ba ta buƙatar tarawa ko rabawa. Ka jera mutanen a layi gwargwadon kwanakinsu, ka je wurin wanda yake tsaye a tsakiyar layin, mutum biyar a gabansa biyar a bayansa, ka tambaye shi kwana nawa ya yi. A nan shi ne na shida, kuma kwana 5 ya yi. Wannan zan riƙa kira ɗan tsakiya. Idan yawan mutanen ya rabu biyu cif, babu mutum ɗaya a tsakiya, sai a ɗauki biyun da suke tsakiya a haɗa a raba biyu.

To, ga lambobi biyu daga rajista ɗaya, 11 da 5, ɗaya ta ninka ɗayar har da ɗoriya. Ka sake kallon jerin. Mutum tara cikin goma sha ɗaya ba su kai kwana 11 ba, mafi daɗewa a cikinsu kwana 7 ya yi. Biyun da suka rage kuwa sun yi wa 11 nisa. Lambar da na rubuta a takarda ta faɗa cikin wani fili ne tsakanin 7 da 21 inda babu ko mutum ɗaya. Abin da ma'aikaciyar jinyar take nufi ke nan.

Wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmar kanta. Idan Bahaushe ya ce mutum matsakaicin tsawo ne, yana nufin ba dogo ba ne ba gajere ba, yana tsakiyar jama'a. Saboda haka duk wanda ya ji an ce matsakaicin kwanaki 11 ne, abin da zai faɗo masa a rai shi ne rabin mutane sun fi haka, rabi ba su kai ba. Wato kunne yana jin ɗan tsakiya, alhali hannu raba daidai ya yi. Idan lambobin sun bazu daidai hagu da dama, kamar tsawon manyan mutane, babu damuwa, domin hanyoyin biyu kusan wuri ɗaya suke sauka. Rigimar tana tasowa ne idan lambobin sun karkace.

Me ake nufi da karkata? Idan ka zana jerin namu a kan layi, za ka ga tsibi ɗaya a hagu, daga 2 zuwa 7, sannan wata doguwar jela ta miƙe dama har zuwa 61. Dalilin wannan siffa ba ɓoyayye ba ne. Kwanakin jinya suna da iyaka ta ƙasa, domin ba wanda zai yi ƙasa da sifili, amma ba su da iyaka ta sama. Wanda ya warke da wuri sosai, iyakar abin da zai rage daga kwanakin da aka saba shi ne biyu ko uku. Wanda ciwonsa ya ruɓe, ko aka sake shiga da shi tiyata, zai iya ƙara hamsin. Abubuwa da yawa da suke da ƙasa amma ba su da rufi haka suke: lokacin jira, kuɗin shiga na gidaje, girman gonaki, yawan mazauna garuruwa, daƙiƙun da shafin intanet yake ɗauka kafin ya buɗe. Shi ya sa hukumar ƙidayar Amurka, idan za ta faɗi kuɗin shigar gidaje a rahotonta na shekara, ɗan tsakiya take sawa a gaba. 'Yan tsirarun masu dukiya mai yawan gaske suna jan matsakaici sama, ya bar inda yawancin gidaje suke.

Yadda jan yake aukuwa shi ne abin da ya kamata a tsaya a kai, domin wanda ya gane shi ba zai sake buƙatar haddace wata ƙa'ida ba. Ka ɗauki layin lambobin kamar sanda ce doguwa, kowane mara lafiya dutse ne mai nauyi ɗaya da aka ɗaura a daidai lambarsa. Matsakaici shi ne wurin da za ka sa yatsa a ƙarƙashin sandar ta tsaya ba ta rinjaya ko'ina ba. Gwada ka gani. Mutum taran da suke ƙasa da 11, ka auna tazarar kowannensu zuwa 11: 9, 8, 8, 7, 7, 6, 6, 5, 4. Jimilla 60. Biyun da suke sama kuwa tazararsu 10 da 50 ce, ita ma 60. Sandar ta daidaita. Amma lura da abin da ya faru: mutum ɗaya, mai kwana 61, ya kawo 50 cikin 60 na ɓangarensa, shi kaɗai ya kusa rinjayar mutum tara. A wurin matsakaici, ƙarfin muryarka gwargwadon nisanka ne. Ɗan tsakiya kuwa ba ya tambayar nisa, abin da yake tambaya kawai shi ne kana hagu ko kana dama. Mai kwana 61 ƙuri'a ɗaya gare shi, kamar mai kwana 6.

Daga nan ake gane abin da zai faru idan magatakarda ya yi tuntuɓen yatsa ya rubuta 610 a maimakon 61. Jimilla ta koma 670, matsakaici ya haura kusan 61, ɗan tsakiya yana nan a 5 ko gezau. Idan kuma aka cire wannan mutumin ɗungurungum, matsakaici ya faɗo daga 11 zuwa 6, ɗan tsakiya ya matsa daga 5 zuwa 4.5 kawai. Lambar da mutum ɗaya zai iya kusan raba ta biyu ta hanyar fita daga rajista, ba za ta iya zama bayanin halin da yawancin mutane suke ciki ba.

Wannan batu na ƙuri'a ɗaya ga kowa tsoho ne. A 1906 masanin kimiyyar nan ɗan Ingila Francis Galton ya halarci wata kasuwar baje kolin dabbobi a Plymouth ta Ingila, inda aka yi gasar cankar nauyin wani sa bayan an yanka an gyara shi. Ya karɓi katunan masu canka, ya sami 787 da za a iya aiki da su, ya jera su, ya ɗauki na tsakiya: laba 1,207, a ma'aunin nauyi na Ingila. Ainihin nauyin da ya ruwaito laba 1,198 ne. A rubutunsa na mujallar Nature a 1907, ɗan tsakiya ya zaɓa a matsayin hukuncin jama'a, kuma hujjarsa ita ce raba daidai yana ba mai cankar banza iko gwargwadon girman shirmensa. Gaskiya ta sa in ƙara da cewa a wannan gasar matsakaicin ya fi kusa, laba 1,197. Hakan ma darasi ne: ba a kowane wuri ɗan tsakiya yake cin nasara ba. Abin dubawa shi ne siffar lambobin, da kuma tambayar da aka yi.

Ita tambayar ce zuciyar al'amarin, kuma a nan ne na fi so mai karatu ya yi haƙuri da ni.

Mara lafiyan da yake tambayar kwana nawa zai yi, so yake ya san abin da zai faɗa wa wurin aikinsa, da wanda zai yi jinyarsa, da wanda zai kula masa da yara. Yana neman lambar da ta fi kusa da abin da zai same shi. Wannan ana iya auna shi. Ka ce mun faɗa wa duka sha ɗayan kwana 11, sannan muka lissafa kwana nawa muka kauce a kan kowannensu: mun riga mun gani, 60 a ƙasa 60 a sama, kuskuren kwana 120 ke nan. Da kwana 5 muka faɗa musu, kaucewar za ta zama 3, 2, 2, 1, 1, 0, 0, 1, 2, 16, 56, jimilla 84. Ka gwada kowace lamba kake so, 4 ko 6 ko 8, ba za ka sami wadda ta yi ƙasa da 84 ba. Wannan ba dace ba ne, tabbataccen abu ne a lissafi: ɗan tsakiya shi ne lambar da take rage jimillar tazara zuwa mafi ƙanƙanta. Shi ma matsakaici yana da abin da yake ragewa, amma sai an ninka kowace tazara da kanta kafin a tara. A wannan ma'aunin 11 tana ba da 3,020, ita kuwa 5 tana ba da 3,416, sai 11 ta yi nasara. Ninka tazara da kanta yana nufin ka yarda cewa kaucewar kwana 50 sau ɗaya ta fi kaucewar kwana 5 muni sau ɗari, ba sau goma ba. Akwai wuraren da haka ne. Ga mutumin da yake shirya jakarsa kuwa, ba haka ba ne.

Yanzu mu juya tambayar, rajistar tana nan yadda take. Shugaban asibiti ya ce ana sa ran mutum 110 a wata, gado nawa za a tanada? Wanda ya koyi cewa a karkatattun lambobi kullum ɗan tsakiya ake ɗauka zai ce 110 sau 5, kwanakin gado 550, a raba da 30, gado 18 ko 19 sun isa. Wannan ɗakin zai cika ya batse kafin tsakiyar wata. Amsar gaskiya ita ce 110 sau 11, wato 1,210, a raba da 30, gado 40 da 'yan kai, kafin ma a ƙara na ko-ta-kwana. Dalili kuwa shi ne mai kwana 61 da gaske yana kan gado duk kwanakin nan, yana cin magani da lokacin ma'aikata. Shi da mai kwana 21 su biyu sun cinye 82 cikin kwanaki 121, kusan kashi biyu cikin uku. Matsakaici ba komai ba ne illa jimilla da aka raba, saboda haka shi kaɗai ne za a iya ninkawa da yawan mutane a dawo da jimilla. Ɗan tsakiya ba ya yin wannan aikin.

Ke nan karkatar lambobi ita kaɗai ba ta yanke hukunci. Abin da take yi shi ne ta raba lambobin biyu nesa da juna, har ya zama dole ka san wacce aka tambaye ka. Hanyar da nake bi yanzu ita ce in tambayi kaina: wanda zai karɓi amsar nan, me zai yi da ita? Idan zai ninka ta da yawan mutane, don kasafi ko gadaje ko yawan ma'aikata, matsakaici yake so ko da jelar ta kai ina. Idan kuwa zai gwada kansa da ita, ko zai yi amfani da ita ya ce ga halin da mutane suke ciki, ɗan tsakiya yake so. Kalmomin tambayar ma sukan tona asiri. Inda aka ce "yawanci", "galibi", "a bisa al'ada", "mutum irina", to layi ake so a jera. Inda aka ce "gaba ɗaya", "nawa za mu kashe", "nawa za a tanada", tarawa ake so.

Mafi munin ɓarnar ba a takardar marasa lafiya take faruwa ba, a wurin kwatanta lokaci da lokaci ne. Mu ce wata na gaba wasu sha ɗayan sun zo, ga kwanakinsu:

3, 4, 4, 5, 6, 6, 7, 7, 8, 9, 18

Jimilla 77, matsakaici 7. Rahoto zai fita yana cewa kwanakin jinya sun ragu daga 11 zuwa 7, a yaba wa ma'aikata, wataƙila ma a ce sabon tsarin da aka shigo da shi ne ya yi aiki. Amma ɗan tsakiya ya tashi daga 5 zuwa 6. Ka ɗora jerin biyu a kan juna ka gwada mutum da mutum: na farko da na farko, na biyu da na biyu, har zuwa na tara, kowane ɗaya a wata na biyu ya fi takwaransa daɗewa. Abin da ya ja matsakaici ƙasa kawai shi ne ba a sami masu kwana 21 da 61 ba a wannan karon. Idan tambayar ita ce ko mutane suna saurin warkewa, amsar ita ce a'a, kuma matsakaici ya ce e. A nan ba girman amsar kaɗai ya kauce ba, alƙiblarta ce ta juya. Wannan ne yake damuna, domin irin wannan rahoton yakan sa a daina binciken abin da ya kamata a bincika, misali me ya sa kusan kowa ya ƙara kwana ɗaya ko biyu.

To me ya sa mutane masu hankali suke ta faɗawa wannan rami? Ban da sabo na makaranta, kayan aikinmu ma suna tura mu. Ka zaɓi jerin lambobi a Excel, nan take a ƙasan allo zai nuna maka Average da Count da Sum, wato matsakaici da yawan lambobin da jimillarsu, ba tare da ka tambaya ba, ɗan tsakiya ba ya ciki. A PivotTable na yau da kullum, wato teburin da Excel yake taƙaita lambobi da shi, jerin hanyoyin taƙaitawa yana da Sum da Average da Max da Min da wasu, amma babu ɗan tsakiya. A SQL, yaren da ake tambayar rumbunan bayanai irin su MySQL da PostgreSQL da shi, akwai AVG na matsakaici a ko'ina, amma MySQL ba shi da umarni ɗaya na ɗan tsakiya, a PostgreSQL kuma sai ka rubuta dogon abu. Abin da yake kusa da hannu shi ake ɗauka. Alhali a Excel bambancin kalma ɗaya ce:

```
=AVERAGE(B2:B12)
=MEDIAN(B2:B12)
```

A PostgreSQL kuma:

```
SELECT avg(kwanaki),
       percentile_cont(0.5) WITHIN GROUP (ORDER BY kwanaki)
FROM jinya;
```

Ɗabi'ar da ta fi kowace amfani ita ce a fitar da su biyun tare, kullum, kafin a rubuta ko jimla ɗaya. Idan sun yi kusa, ka huta, ɗauki wanda ka ga dama. Idan sun yi nisa kamar 11 da 5, tsaya. Sai ka ƙirga mutum nawa ne suke ƙasa da matsakaicin: idan rabi ne ko kusa da haka, lafiya; idan tara cikin sha ɗaya ne, kalmar "matsakaici" za ta yaudari mai karatu. Sannan ka jera lambobin ka kalli manyan da idonka, ko ka zana su. Akwai ƙa'idar da ake yawan faɗa cewa idan jela ta yi dama matsakaici yakan fi ɗan tsakiya, idan ta yi hagu yakan gaza shi. Yawanci haka ne, amma tana da togaciya, musamman a lambobin ƙirge da ba su wuce 'yan kaɗan ba, kamar yawan manya a gida. Saboda haka zane ya fi ƙa'idar. Idan rahoton wani ne a hannunka ba ka da lambobin asali, duba ma'aunin bazuwar da aka rubuta kusa da matsakaicin, wato lambar da take nuna nisan da lambobin suka yi daga gare shi: in abin da ake aunawa ba ya yin ƙasa da sifili, kuma bazuwar ta kai matsakaicin ko ta fi shi, to akwai jela a dama.

Wani gyaran da mutane suke gaggawar yi shi ne su goge manyan lambobin, su ce ai waɗannan bare ne, don matsakaicin ya yi kyan gani. Ban yarda da wannan ba sai idan an koma fayil an tabbatar kuskuren rubutu ne. Mai kwana 61 mutum ne, kuma wataƙila labarinsa ne ya fi kowane muhimmanci ga likitoci. Ɗan tsakiya yana ba ka damar barinsa a cikin rajista ba tare da ya danne sauran ba.

Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika ambata ba. A ce ranar da ake rubuta rahoto mutumin nan bai fita ba tukuna, yana kwana na 30. Matsakaici ba shi da amsa. Idan ka bar shi a waje ka sami 6, idan ka rubuta masa 30 ka sami 8 da ɗan wani abu, kuma duka biyun sun gaza gaskiyar da za ta bayyana daga baya. Ɗan tsakiya kuwa ya riga ya tabbata 5 ne, domin ko yaushe aka sallame shi yana can ƙarshen layi. Wannan na cikin dalilan da suka sa binciken cututtuka masu kisa yake faɗin tsawon rayuwar marasa lafiya da ɗan tsakiya: ana iya saninsa da zarar rabin mutanen sun rasu, ba sai an jira na ƙarshe ba.

Shi ma ɗan tsakiya yana da inda yake gazawa. Ba a haɗa shi. Idan ɗaki biyu suka aiko maka da matsakaicinsu da yawan mutanensu, za ka iya fitar da na asibitin gaba ɗaya. Idan ɗan tsakiya suka aiko, ba za ka iya ba, sai ka koma ga lambobin asali. Gwada da jerinmu: ka ware 2, 3, 61 gefe guda, na tsakiyarsu 3, sauran takwas ɗin na tsakiyarsu 5, haɗa ka raba ka sami 4, alhali na gaskiya 5 ne.

Babbar gazawarsa kuwa ita ce wannan rashin damuwa da nisa da muka yaba masa. Bai san jela ba, kuma wani lokaci jelar ita ce labarin. A 1982 aka gano masanin halittu Stephen Jay Gould yana da wani nau'in kansa mai tsanani a ciki. Ya je ya karanta abin da aka rubuta a kan cutar, ya tarar ɗan tsakiyar rayuwa bayan ganowa wata takwas ne. Da yake ya san lissafi, bai karanta wannan a matsayin saura wata takwas ya mutu ba. Ya gane cewa rabin mutane suna wuce wata takwas, kuma tunda ɓangaren hagu a matse yake tsakanin sifili da takwas, na dama zai iya miƙewa shekaru. Ya duba shekarunsa da saurin gano cutar da irin kulawar da yake samu, ya ga yana da dalilin sa ran yana cikin jelar. Ya rayu shekara ashirin bayan haka, ya rasu a 2002 da wata kansar dabam. Ɗan tsakiya ya faɗa masa inda layi ya rabu biyu, amma bai faɗa masa tsawon rabin na biyu ba.

Saboda haka da muka zauna gyara takardar, ni da ma'aikaciyar jinyar, ba mu tsaya a musanya 11 da 5 ba. Ita ce ta ce idan muka rubuta 5 kawai, wanda ya kai kwana goma zai ɗauka an ɓoye masa wani abu, danginsa su shiga tashin hankali. Sai muka ƙara wani wuri a kan layin, can kusa da ƙarshe. Da lambobin misalinmu, jimlar za ta fito kamar haka: rabin waɗanda aka yi wa wannan aikin suna komawa gida cikin kwana 5, kusan takwas cikin goma suna tafiya cikin mako guda, kaɗan kuma sukan daɗe makonni idan an sami matsala, kuma likita zai yi maka bayani idan hakan ta taso. Lambar 11 ba mu jefar da ita ba. Ta tafi cikin takardar da aka aika ofishin masu tsara gadaje, tare da jimillar kwanaki da bayanin cewa mutum biyu ne suka ɗauki kashi biyu cikin uku nasu.